Me ya sa hoton waya ke tsukewa ko ya yanke a talabijin?

An kawo bidiyon biki a waya, ’yan gida sun hallara a falo, an haɗa wayar da talabijin mai inci 43 don kowa ya kalla. Sai ga hoton ya fito ɗan mitsitsi a tsakiya, baƙi ya kewaye shi ta ko’ina. Wani ya ɗauki rimot ya danna Zoom, hoton ya ƙaru, amma gefensa ya yanke. A irin wannan hali akan zargi talabijin ko wayar, alhali babu wadda ta lalace. Matsalar ta siffa ce: fuskar waya da fuskar talabijin ba yanka ɗaya aka yi musu ba.

Kusan duk talabijin na zamani siffarta 16:9 ce, wato idan aka kasa faɗinta gida 16, tsayinta zai zama gida 9. Mai inci 43 tana da faɗin kusan santimita 95 da tsayin kusan 53. A da wayoyi ma haka suke, amma tun daga 2017, lokacin da Galaxy S8 da iPhone X suka fito, sai aka koma yin su dogaye sirara. Yau yawancin wayoyin da ke hannun mutane 20:9 ne ko kusa da haka.

Abu na biyu da ya kamata a fahimta shi ne abin da wayar ke turawa. Idan aka kunna Smart View a Samsung, ko Screen Mirroring a iPhone, ko makamancinsu a Tecno da Infinix, ba bidiyon kaɗai ke tafiya ba. Fuskar wayar ce gaba ɗayanta ke tafiya kamar a madubi, har da agogo da alamar batir da duk wani baƙin fili da ke gefen bidiyon. Ita kuwa talabijin dole ta saka wannan doguwar fuska a cikin tata. Ko dai ta rage ta har ta shiga duka, fili ya saura, ko ta cika fuskarta da ita, wani sashe ya fita waje. Idan ba haka ba sai dai ta ja hoton, mutane su koma gajeru masu ƙiba.

Mu bi bidiyon bikin nan, wanda aka ɗauka a kwance, siffarsa 16:9. Idan wayar na tsaye, dole tsayinta ya shiga cikin santimita 53 na tsayin talabijin, don haka faɗinta ba zai wuce santimita 24 ba, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na faɗin talabijin. Bidiyon kuma yana kwance ne a cikin wannan sirin layi, sai ya fito santimita 24 a faɗi da kusan 13 da rabi a tsayi. Bai kai kashi 7 cikin 100 na fuskar talabijin ba. Duk wanda ya ga dogon layi a tsakiya da baƙi mai faɗi hagu da dama, to wayarsa na tsaye ne, ko kuma an kulle juyawarta.

Maganin wannan a wayar yake. A janyo saman fuska a kunna Auto-rotate, a iPhone kuma a kashe Portrait Orientation Lock, sannan a kwantar da wayar, a buɗe bidiyon ya cika fuskarta. Nan take hoton zai koma kusan santimita 76 a faɗi da 43 a tsayi.

Duk da haka bai cika ba, kuma baƙi na kewaye da shi ta gefe huɗu. Wannan ne ya fi rikita mutane, domin bidiyon 16:9 ne, talabijin ma 16:9. Dalilin shi ne an rage shi sau biyu. A kan wayar, bidiyon bai kai tsawonta ba, sai ta bar baƙi hagu da dama. Talabijin kuma da ta karɓi doguwar fuskar wayar har da wannan baƙin, sai ta rage ta don ta shiga faɗinta, ta bar nata baƙin sama da ƙasa. Abin da ya rage wa bidiyon kashi 64 ne cikin 100 na fuskar.

A nan ne kaɗai Zoom na talabijin ke da amfani, domin abin da zai fara yankewa baƙi ne. Amma kowace talabijin da gwargwadon ƙarin da take yi, kuma wasu ba sa ba da wannan zaɓi sam yayin da ake haska waya ba tare da kebul ba. Wanda ke da Samsung ya fara duba cikin Smart View, akwai wajen sauya siffar fuskar wayar ta daidaita da talabijin. Idan aka zaɓe shi, wayar ce za ta ɗauki baƙin gefen, talabijin ta cika.

Yankewa kuwa daga wuri uku take zuwa, kuma kowanne da alamarsa. Idan sama da ƙasa ne suka tafi, kamar sakamakon wasa a kusurwar sama ko rubutun fassara a ƙasa, galibi an buɗa bidiyon ne da yatsu biyu a kan wayar don ya cika ta. Bidiyon 16:9 da aka cika fuskar 20:9 da shi yana rasa kashi ɗaya cikin biyar na tsayinsa, sai a tsuke shi da yatsu ya dawo daidai. Idan hagu da dama ne suka tafi da yawa, an bar Zoom ne a talabijin tun kallon baya. Idan kuwa ɗan siriri ne ya tafi ta kowane gefe, har agogon wayar ya yanke rabi, wannan ɗabi’a ce da talabijin ta gada tun zamanin masu ƙaton baya, ta ƙara girman hoto kaɗan don ɓoye dattin bakinsa. Ana kashe ta a saitin hoto: Just Scan a LG, Fit to Screen a Samsung, Full Pixel a Sony.

Hanyar da ta fi tsafta ita ce a daina tura fuskar wayar, a tura bidiyon shi kaɗai. A YouTube, alamar Cast tana sa talabijin ta janyo bidiyon da kanta, ya cika daidai ko wayar na tsaye ko na kwance, sai dai dole talabijin ɗin ta kasance a kan intanet. Idan babu data, a kwafa bidiyon a filas a soka a bayan talabijin.

Bidiyon da aka ɗauka a tsaye ne kaɗai ba shi da magani, irin na TikTok da na sitatus. Ko da an tura shi kai tsaye, iyakar faɗinsa a talabijin mai inci 43 kusan santimita 30 ne, kuma kwantar da wayar ba zai ƙara masa komai ba. Idan aka matsa sai ya cika, fiye da kashi biyu cikin uku na hoton zai zube. Saboda haka duk wanda aka miƙa wa waya ya ɗauki ɗaurin aure ko suna ko saukar karatu, idan ana son dangi su kalle shi tare a talabijin, ya kwantar da ita tun kafin ya fara ɗauka.