Gurbin Kwanan Wata: Inda Manhaja Ke Tuntuɓe

Manhajar basirar na'ura ba ta ganin cikin aikin da za ta kira. Abin da ke gabanta kawai shi ne sunan aikin da bayanin kowane gurbi.

A ce aikin na sayen tikitin mota ne, mai gurbin `date`. Idan an bar gurbin babu bayani, mai saye ya ce "jibi", tana iya zuba kalmar yadda take, ko ta rubuta 03/04, wanda ba a san Maris ko Afrilu ake nufi ba. Sai a ga tikiti ya fito da wata ranar daban.

Maganin shi ne a rubuta ƙarara: ranar tafiya, a tsarin `YYYY-MM-DD`, misali `2025-04-03`. A kuma sanar da ita ranar yau, domin da ita za ta lissafa jibi. In ba a faɗi rana ba, a umarce ta ta tambaya, kada ta yi kintace.