Ƙasa da rufin farashi a jadawalin kirifto

Idan farashin Bitcoin yana faɗuwa, akwai wurin da masu saye kan taru su tare shi. Wannan shi ne ƙasa, ana kiransa support. Inda masu sayarwa ke danne shi idan ya hau kuwa, shi ne rufi, wato resistance.

Kuskuren sabon shiga shi ne jan siririn layi ɗaya, alhali kasuwa ba ta tsayawa a kan lamba guda. Buɗe jadawalin mako ko na kwana a TradingView, ka nemi inda farashi ya juya da ƙarfi, ka ja akwati daga ƙarshen jelar kyandir zuwa inda jikinsa ya rufe.

A Disamba 2017 Bitcoin ya tsaya dab da dala 20,000, ya rikito. Shekara uku wurin yana rufi, sai a Disamba 2020 aka fasa shi. A Yuni 2022 farashi ya dawo nan, tsohon rufi ya zama ƙasa, ya yi watanni yana rawa a kai, kafin rugujewar FTX a Nuwamba ta tura shi ƙasa da dala 16,000.

Ni abin da nake fara dubawa shi ne nisan tsallen da farashi ya yi bayan taɓa yankin, da yawan cinikin da ya raka shi. Yankin jadawalin mako ya fi na minti 15 nauyi nesa ba kusa ba. Yawan taɓawa kuwa yakan ruɗi mutum: idan kowane tsalle ya fi na baya gajarta, masu sayen ne ke ƙarewa. Kada kuma jela kaɗai ta sa ka ce an fasa yanki. Jira kyandir ya rufe a wajensa.