Kwamfuresar esi mai gurnani ta mutu: kafasita ce ko ƙarancin wuta?

Alamar iri ɗaya ce kusan a ko'ina. An kunna esi, fankar ciki tana hura iska, bayan 'yan mintuna ɓangaren da ke waje ya fara gurnani mai nauyi, ƙwayayen lantarkin gidan su dushe, sai a ji ƙas, gurnanin ya yanke. Jim kaɗan ya sake gwadawa, ya sake yankewa, ɗaki kuwa ba sanyi. Wannan gurnani yana nufin wuta ta isa injin da ke cikin kwamfuresa, amma ya kasa juyawa. Ƙarar ƙas ɗin kuma ta obalodi ce, wani ɗan maɓalli da ke katse wuta idan ya yi zafi, ya sake haɗa ta idan ya huce. Wasu obalodin a cikin tukunyar kwamfuresa suke, ba a jin ƙararsu, kuma sukan daɗe kafin su huce.

Dalilin zafin a bayyane yake. Injin da ya tsaya cik alhali wuta na shigarsa yana jan wutar da ta ninka ta aikinsa sau huɗu zuwa shida. Esi mai ƙarfin doki ɗaya da rabi tana aiki da amfiya 5 ko 6, amma a lokacin tashi takan ja kusan 25 zuwa 30. Wannan adadi shi ne aka rubuta a jikin kwamfuresa bayan haruffan LRA. Injin lafiyayye yana wuce wannan mataki cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya. Wanda ya maƙale a kansa, in ba don obalodi ba, da wayoyinsa sun ƙone.

A cikin kwamfuresar gida akwai naɗin waya biyu, na aiki da na tashi, da ƙafafu uku masu alamar C, R da S. Wutar gida mai layi ɗaya ba ta iya juya injin daga tsaye da naɗi ɗaya, sai dai ta riƙa girgiza shi a wuri guda, kamar mai keke da fedarsa ta tsaya daidai sama, yana dannawa amma ba ta karkata gaba ko baya. Kafasita ita ce ke sa wutar da ke bi ta naɗin tashi ta saɓa lokaci da ta naɗin aiki, wannan saɓanin ne ke haifar da juyi. Yawancin esi na gida ba su da kafasitar tashi ta daban. Kafasita guda suke da ita, mai jikin gwangwani, wadda ake rubuta wa misali 35 µF 450 VAC, ita ke tayar da injin kuma ta ci gaba da aiki tare da shi. Manyan na'urori ne suka fi zuwa da ƙarin kafasitar tashi, baƙa mai jikin roba, wadda wani makunni ke cire ta daga layi da zarar injin ya kama gudu. Esi mai inbata kuwa ba ta da wannan tsari sam, don haka bayanin nan bai shafe ta ba.

Zafi ne babban abokin gabar kafasita, ga shi kuma tana zaune a akwatin da rana ke duka. Wani lokaci ta kumbura a sama ko ta yi yoyon mai, a gane ta da ido. Sau da yawa kuwa jikinta lafiya lau, ƙarfinta ne ya ragu a hankali.

Ƙarancin wuta yana kawo gurnani iri ɗaya ta wata hanyar. Wutar gida a Najeriya bolt 230 ce a ƙa'ida, kuma akasarin na'urorin suna jure ragin kashi 10 cikin 100, wato zuwa wajen bolt 200. Ƙarfin juyin injin ba ya raguwa daidai da raguwar wuta, ya fi ta saurin faɗuwa, domin yana bin adadin bolt ɗin ne idan an ninka shi da kansa. A bolt 180 abin da ya rage wa injin kashi 61 cikin 100 ne na ƙarfinsa, a bolt 170 kuwa kashi 55. Wannan yakan zo daidai lokacin da ake buƙatar ƙarfin sosai: a bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafi a Kano ko Sakkwato yana haura digiri 40, matsin gas ya ƙaru, kowa a unguwa ya kunna nasa, taransifoma ta yi nauyi.

Kuskuren da aka fi yi wajen bincike shi ne auna wuta a soket alhali esi a kashe take. Awon da ke da amfani shi ne wanda aka yi a kan ƙafafun da wuta ke shiga ɓangaren waje, a cikin daƙiƙun da ake jin gurnanin. Misali, esi mai doki ɗaya da rabi da aka ja wa wuta da wayar tagulla mai kaurin 1.5 mm² tsawon mita 30. Zuwa da dawowa mita 60 ke nan, turjiyar wayar kuma kusan om 0.7. Idan kwamfuresa ta ja amfiya 28, wayar kaɗai za ta cinye kusan bolt 20. Soket ɗin da ya nuna 205 da yamma, wanda mai gyara zai ce ba laifi, zai koma 185 ko ƙasa da haka a lokacin tashi. Da wayar 2.5 mm² ce, asarar ba za ta wuce bolt 12 ko 13 ba. Filogin da ya yi baƙi, haɗin waya mai sako-sako, ƙaramar sitabilaiza da janaretan da bai kai ba, duk haka suke yi.

Akwai alamun da mai gida zai lura da su ba tare da mita ba. Idan esi tana tashi da asuba amma ta ƙi da yamma, ko firji da famfon ruwa su ma suna wahala, ko maƙwabta suna kuka iri ɗaya, zargi ya fi karkata ga wuta. Idan ta ƙi tashi a kowane lokaci, har a kan babban janareta, kafasita ce ta farko a layi. Dushewar ƙwan lantarki ita kaɗai ba hujja ba ce, domin kwamfuresar da kafasitarta ta mutu ma tana jan wutar LRA ta dusar da gida.

Gwajin kafasita aikin mai gyara ne. Ana kashe wuta daga bireka, a sauke cajin da ta riƙe domin tana iya jan mutum ko bayan an kashe, a zare wayoyinta, sannan a auna ta da mita mai awon µF. Ana yawan rubuta mata ±5%, don haka mai 35 da ta nuna 33.5 tana nan lafiya, wadda ta nuna 28 ko sifili ta gama. A maye ta da mai adadin µF iri ɗaya, kuma adadin bolt ɗinta kada ya gaza na tsohuwar. Sanya mai 50 a gurbin mai 35 don wai ta fi ƙarfi, dabara ce da ta yaɗu amma mai ɓarna, domin tana ɗora wa naɗin tashi wutar da ta fi ƙarfinsa duk tsawon aiki.

Sau da yawa matsalolin biyu a haɗe suke. Kafasitar da ta sauka zuwa 29 tana iya tayar da injin a bolt 230 ta kasa a 200, shi ya sa sauya ta kan kawo sauƙi na ɗan lokaci alhali siririyar wayar tana nan. Ƙara kafasitar tashi yana taimaka wa injin da wuta ta ɗan gaza masa, amma ba ya ƙara bolt ko ɗaya, kuma injin da ke aiki da ƙarancin wuta yana ci gaba da zafi.

Idan wuta ta tsaya sama da 200 a lokacin gurnani kuma kafasita ta auna daidai, saura abu biyu. Na farko mai sauƙi ne: an sake kunna esi nan take bayan ɗauke wuta, matsin gas bai daidaita ba, sai a jira minti uku zuwa biyar. Na biyu kwamfuresar ce da kanta. Ana auna turjiya tsakanin ƙafafun uku bayan ta huce. Ta C zuwa R da ta C zuwa S idan an haɗa su ya kamata su ba da ta R zuwa S, kuma kada wata ƙafa ta nuna haɗi da jikin tukunya. Idan naɗin lafiya yake amma har yanzu tana jan LRA ba ta juya ba, kayan cikinta ne suka cije, sai dai a sauya ta.