Abin da Fayil Ya Sani Game da Aikinka

Bayan an ci intabiyu, manyan ma'aikatu irin su bankuna da ƙungiyoyin agaji sukan aika wasiƙa ko imel zuwa inda mutum ya baro. Tambayar gajeriya ce: yaushe ya kama aiki, yaushe ya bari, wane muƙami ya riƙe? Wanda zai ba da amsa a sashen kula da ma'aikata sau da yawa bai taɓa ganin fuskar mutumin ba. Fayil zai buɗe, abin da ya gani a ciki shi zai rubuta.

A nan masu gaskiya da yawa suke tuntuɓe. A ce wata baiwar Allah ta yi aikin kashiya a wani banki a Kano daga Maris 2018 zuwa Nuwamba 2021, kuma haka ta rubuta a takardar tarihin aikinta. Sai amsar bankin ta zo cewa a Afrilu 2020 ta fara. Ba ƙarya ta yi ba, shi ma bankin bai yi ba. A shekaru biyun farko ma'aikaciyar kwantiragi ce: wani kamfani mai samar wa bankuna ma'aikata ne ya ɗauke ta, shi ke biyan ta albashi, ko da yake a kan kantar bankin take wuni. Bankin bai buɗe mata fayil ba sai ranar da ya mayar da ita tasa. Amma mai tantancewa ba ya ganin wannan labari, giɓin wata 25 kawai yake gani.

Abin da ya kamata ta yi tun farko shi ne ta raba zaman gida biyu, kowanne da sunan wanda ya sa hannu a takardar ɗaukarta aiki, don a san ƙofar da za a ƙwanƙwasa.

Muƙami ma haka yake. Idan ta yi shekara tana riƙon shugabancin kashiyoyi da umarnin baki na manaja, ba tare da takardar ƙarin girma ba, a fayil kashiya ce har gobe. Gara ta rubuta muƙamin da ke takarda, ta ambaci riƙon a cikin ayyukan da ta yi.

To idan kamfanin kwantiragin ya rufe fa, ko ya yi biris da wasiƙar? Sai a koma ga takardar ɗaukar aiki da takardun albashi. Bayanin asusun fansho ya fi su nauyi a ganina, domin daga hannun wani daban ya fito, kuma yana nuna kuɗin da aka zuba wata-wata. Sai dai ba ya faɗin muƙami, kuma wasu ma'aikatu sukan yi jinkirin zuba kuɗin, har watannin farko su fito babu komai.

Fom ɗin amincewa da ake ba mai neman aiki ya sa wa hannu yana da tushe a dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya ta 2023. A duba shi da kyau kafin a sa hannu, musamman layin da ke ba da izinin tuntuɓar wurin da mutum yake aiki a yanzu, idan bai riga ya sanar da shugabanninsa cewa zai tafi ba.