Mai Gyaran Hoto da Fuskar Amarya

Kayan aikin mai gyaran hoto su ne abin da mai ɗauka ya zubo masa daga katin kyamara. A wani ɗan shago a Kano na zauna kusa da wani matashi, an kawo masa hoton biki na dangi, kowa ya fito da kyau sai amarya, ta ƙifta ido. Dole a ɗauko fuskarta daga wani hoton a dasa.

Hoton da idonta yake buɗe da rana aka ɗauke shi, daga kusa, a ISO 100. Faɗin fuskar ya kai fiksel 1200, har ramukan fata da gashin gira ana iya ƙirgawa. Na dangin kuwa da dare ne a zauren biki, a ISO 3200, fuskar ba ta wuce fiksel 300 ba, ga tsaki-tsaki ko'ina. In aka dasa ta haka, sai ta fito tar kamar an manna takarda.

Ya ce mini, "Yallaɓai, mai kyan ake ragewa, ba a iya ɗaga maras kyan."

Ya rage fuskar zuwa kashi ɗaya cikin huɗu, ya daidaita idanu da haɓa. Sannan ya sa `Gaussian Blur` kaɗan, ƙasa da fiksel ɗaya, yana duban girar ƙawar da ke gefenta, har taushinsu ya zo ɗaya. Amma wannan yana goge ramukan fata, fuskar ta koma sumul kamar ta 'yartsana. Don haka ya bi ta da `Add Noise`, yana ƙarawa a hankali har tsakin kumatunta ya yi daidai da na wuyanta. A muƙamuƙi ake kama mai gaggawa: sama santsi, ƙasa yashi.

Kwalliyar ta fi cin lokaci. Da rana hodar sabuwa ce, jan-baki da kwalli suna da kauri. Zuwa dare zufa ta ci hodar, fitilun zaure sun mai da fata ruwan ɗorawa. Da `Curves` ya karkata launin fuskar zuwa na wuya da kunne, ya rage ƙarfin jan-bakin, ya mayar mata da ɗan ƙyallin goshi irin na sauran matan. Wannan ƙyallin ya fi burge ni, don wani da share shi zai yi.

Fuska ɗaya ta ci masa kusan awa guda, alhali kuɗin da ake biyansa na hoto ne, ba na awa ba, a ciki kuma zai sayi man janareta da data. Ga ciwon ido da na baya. Kafin a kai wurin wanki sai da ya tura wa amaryar ta gani, ta amince, sannan aka buga babba aka sa a firam.