A DUBA KAFIN A TALLATA: KAYAN DA AKA HANA SAYARWA A KASUWAR INTANET

A garin Jos, mutumin da ya sami rumfa a Farin Gada ko a Katako ba ya kasa kayansa sai ya san ƙa'idar wurin. Shugabannin kasuwa su ne za su nuna masa layin da ake sayar da irin hajarsa, su kuma gaya masa abin da ba a yarda a shigo da shi ba. To, kasuwar intanet ma haka take. Jumia da Konga, waɗanda aka buɗe a 2012, da Jiji da ta biyo baya a 2014, da kuma Facebook Marketplace, kowacce tana da jerin kayan da ta haramta. Bambancin kawai shi ne, a can babu sarkin kasuwa da zai tare mutum a bakin ƙofa ya yi masa bayani. An rubuta ƙa'idar an ajiye, wanda bai nema ya karanta ba kuwa, ba a karɓar uzurinsa.

KASHI UKU NA KAYA

Duk abin da mutum ke son tallatawa, lalle ya faɗa cikin ɗaya daga kashi uku. Kashi na farko shi ne abin da dokar ƙasa ta hana cinikinsa, watau ko a kasuwar ƙasa ko a ta intanet laifi ne. Na biyu shi ne abin da ake sayarwa bisa sharaɗi, kamar rajista ko lasin. Na uku shi ne abin da doka ba ta hana ba, amma ita kasuwar ta ce ba ta so a dandalinta.

Wajibi ne a bi su bisa wannan jeri. Dalili kuwa shi ne, izinin kasuwa ba ya soke hanin doka. In kasuwa ta bar talla ta fita, alhali kuwa doka ta hana kayan, mai kaya ne zai amsa tambaya a gaban hukuma.

INDA AKE SAMUN ƘA'IDAR

Galibi ana samunta a can ƙasan shafin kasuwa, ko a sashen taimakon masu sayarwa. Ta Facebook sunanta Commerce Policies. Da yake yawancin shafukan da Turanci suke, akwai kalmomi biyu da ya kamata a nema. In an ga `prohibited`, an hana kayan ke nan ɗungum. In an ga `restricted`, ana sayarwa amma da sharaɗi, sai a karanta sharaɗin har ƙarshe. Wanda bai iya Turanci ba ya sami wanda zai karanta masa, kada ya yi kirdado.

A nemi kaya da sunan jinsinsa, ba da sunan da kamfani ya laƙaba masa ba. Jerin ba zai ambaci sunan wani man shafawa ba, zai ce kayan kwalliya ne ko maganin fata. Kuma a sake dubawa duk lokacin da za a sa sabon kaya, domin kasuwanni suna sake ƙa'idodinsu ba tare da sun bi kowa gida sun gaya masa ba.

MISALI DAGA JOS

A ɗauka cewa wani ɗan kasuwa a Jos yana da kaya iri huɗu da yake son tallatawa: rago guda, da ƙunshin garin acca 40 masu kilo ɗai-ɗai, da kwalaben man shafawa 24, da kuma wani kan mutum-mutumi na yumɓu da wani mai haƙar kuza ya kawo masa. Ga yadda binciken zai kasance.

Rago shi ne mafi sauƙi. Babu dokar da ta hana cinikin rago, saboda haka magana ta koma ga kasuwa. Jiji tana da sashe na dabbobi da kaji, amma ƙa'idar Facebook Marketplace ta hana tallan dabbobi. Rago ɗaya ne, amma ya halatta a nan, ya haramta a can. In ya sa shi a inda aka hana, za a cire tallar, in ya yi ta maimaitawa ana iya hana shi talla a dandalin baki ɗaya, har sauran kayansa su sha wahala a kan laifin rago.

Acca tana kashi na biyu. Hatsin da ake aunawa da mudu a kasuwa dabam yake da wanda aka sarrafa, aka niƙa, aka zuba a leda mai suna da tambari. Wannan na biyu ya shiga hannun hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993 domin kula da abinci da magunguna da kayan kwalliya, kuma sai an yi masa rajista an buga lambar a jikin ledar. In ɗan kasuwar sarowa ya yi, ya duba lambar da sunan mai yi da ranar lalacewa. In shi ke niƙawa yana ƙunshewa, to ya fara zuwa ofishin hukumar kafin ya rubuta ko harafi ɗaya na talla.

Har ila yau akwai tarko a cikin lafazin tallar kanta. Mutane da yawa suna ce wa acca abincin masu ciwon sukari, sai mai talla ya ji daɗin rubuta cewa tana warkar da ciwon. Dokar Abinci da Magunguna ta 1974 ta hana a tallata wa jama'a abinci ko magani da cewa yana warkar da waɗansu cututtuka da ta jera, ciwon sukari da sankara suna ciki. Ashe ke nan jimla guda tana iya mayar da halattaccen kaya ya zama abin tuhuma. Abin da ya dace ya rubuta shi ne sunan kayan, da nauyinsa, da inda aka noma shi, da farashi.

Man shafawa sai an juya kwalba an karanta abin da aka haɗa shi da shi. Ƙa'idar NAFDAC ta 2019 a kan mayukan bilicin ta hana duk man da ke da sinadarin makuri, da mai ɗauke da magungunan sitiroyid, da wanda haidirokwinon ɗinsa ya wuce kashi 2 cikin 100. A shafukan kasuwa ana rubuta sunan wannan na ƙarshe `hydroquinone`. Dalilin hanin na lafiya ne: makuri yana lalata ƙoda da jijiyoyi, sitiroyid kuwa yana sa fata ta yi sirara har ta riƙa tsagewa. In ɗan kasuwar ya tarar kwalaben nan 24 ba su da lambar rajista, ko ba a rubuta abin da ke ciki ba, ko kuwa haɗin gida ne da aka ɗura a robar da ba suna, to babu sashen da zai sa su. Ya mayar wa wanda ya sayar masa, asarar kuɗin mota ta fi asarar jari da mutunci sauƙi.

Kan yumɓun nan shi ne mafi hatsari cikin huɗun. Tun 1928 aka fara tono irin waɗannan siffofi a wajen haƙar kuza a ƙauyen Nok, wanda yanzu yake Jihar Kaduna, kuma da sunan ƙauyen aka san su a duniya. Gidan Tarihi na Jos, wanda Bernard Fagg ya kafa a 1952, yana adana da dama daga cikinsu. Doka mai lamba 77 ta 1979, wadda ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, ta hana kowa sayen kayan tarihi in ba wakilin da aka amince da shi ba, ta hana sayar da su ga wanin wannan wakili, ta kuma hana fitar da su ƙasar waje sai da izini. Kayan tarihi a wurin wannan doka sun haɗa da abin da aka tono daga ƙasa na mutanen dā, da aikin hannu na gargajiya da aka yi kafin 1918. A shekarar 2000 ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta sa siffofin Nok cikin jerin kayan Afirka da ake sacewa, a 2020 kuma Facebook ta hana cinikin kayan tarihi a dandalinta.

Saboda haka wannan kaya yana kashi na farko, kuma laifin ya fara tun daga saye, ba sai an kai ga talla ba. Abin da ya kamata ɗan kasuwar ya yi shi ne ya ƙi saye, ya nuna wa mai haƙar kuzan hanyar Gidan Tarihi. In kuwa sabon gini ne da maginin tukwane ya kwaikwaya, ana iya sayarwa, amma a rubuta a fili cewa sabon aiki ne. Wanda ya kira sabo tsoho domin farashi ya tashi, ya yi zamba, kuma ya kira wa kansa bincike.

KURAKURAN DA AKA FI YI

Na farko shi ne dogara da abin da aka ga waɗansu suna yi. Mutum zai ce ya ga tallan irin kayan har goma a shafin, don haka babu laifi. Ganin talla ba shaida ba ce, domin tana iya wuce tantancewar farko, a cire ta bayan kwanaki in wani ya kai ƙara.

Na biyu shi ne ɓad da sawu. In an ƙi talla, sai mai ita ya karkatar da rubutun sunan kayan, ko ya sa shi a sashen da ba nasa ba. Kuskuren farko ana iya ɗaukarsa rashin sani, amma wannan ya nuna mutum ya san hanin ya kewaye shi da gangan.

Na uku shi ne ɗaukar magani kamar sauran haja. A watan Mayu na 2018 sai da Gwamnatin Tarayya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin saboda yadda matasa suka mai da shi abin maye. Sayar da magani ta intanet aikin kantin magani ne mai rajista da hukumar masu harhaɗa magunguna ta ƙasa. Ragowar ƙwayoyin da suka saura a gida bayan jinya ba kayan talla ba ne.

ALAMUN DA KE NUNA AKWAI SHARAƊI

Ita kanta takardar cike talla tana ba da haske. In mutum ya nemi sashen da kayansa za su shiga ya rasa, ya tsaya ya bincika, kada ya cusa su a na kusa. In an nemi lambar rajista ko hoton lasin kafin a ci gaba, kayan na kashi na biyu ne. In kuwa an dawo da talla da saƙon ƙi, a karanta dalilin da aka bayar, a koma ga jerin ƙa'idodi a gwada.

Inda shakka ta rage, a rubuta wa sashen taimakon kasuwar tambaya, a ajiye amsarsu da kwanan wata. A kan abinci da magani da man shafawa a tuntuɓi ofishin NAFDAC na jiha, a kan kayan dā kuwa a je gidan tarihi mafi kusa. Ɗan kasuwar nan na Jos, da ya gama bincikensa, cikin kaya huɗu biyu ne suka cancanci talla: ragon a kasuwar da ta yarda da dabbobi, da accar bayan an tabbatar da lambarta.