Wayoyi biyu masu jan juna, da yadda aka samo ma'aunin amfiya

Idan ka tsaya a rumfar mai walda, ka zuba wa wayoyinsa biyu masu kauri ido, waɗanda ke kwance gefe da gefe a ƙasa, wani lokaci za ka ga sun ɗan zabura a daidai lokacin da ya ɗora sanda a kan ƙarfe wuta ta tashi. Ba wanda ya taɓa su. Lantarkin da ke tafiya a ɗaya yana dawowa ta ɗayar, shi ne ya sa suka ture juna. Wannan 'yar zaburar, fiye da shekara 70 ita ce tushen ma'aunin da duniya ke auna kwararar lantarki da shi, wato amfiya.

Labarin ya faro ne a 1820. A birnin Copenhagen, Hans Christian Ørsted ya lura cewa allurar kamfas tana karkata idan aka sa ta kusa da wayar da lantarki ke bi. Da labarin ya iso majalisar masana kimiyya ta Paris a watan Satumba na shekarar, sai André-Marie Ampère ya yi wani tunani: idan waya mai lantarki tana aiki kamar maganaɗisu, ai wayoyi biyu ma za su yi tasiri a kan juna, ko babu maganaɗisu a wurin. Cikin 'yan makonni ya gwada. Ya kafe waya ɗaya, ya rataye ɗayar yadda za ta iya lilo. Da lantarkin ya bi su ta fuska ɗaya, sai suka matso kusa da juna. Da ya juya na ɗayar, sai suka ware.

A nan ne ɗalibai da yawa ke tuntuɓe, domin an koya musu cewa cajin lantarki iri ɗaya korar juna yake yi, mabambanta kuma su ja juna. Sai su ɗauka haka abin yake ga wayoyi. To, akasin haka ne: masu tafiya tare ne ke jan juna. Abubuwa biyu ne daban. Wayar da lantarki ke bi ba ta tara wani cajin a-zo-a-gani ba, wucewa kawai yake yi ta cikinta. Shaidar kuwa ita ce, da an katse wutar, jan ya ɓace nan take.

Abin da ke faruwa shi ne, duk wayar da lantarki ke bi, ƙarfin maganaɗisu yana kewaye ta zobe-zobe, yana raguwa gwargwadon nisa. Ka kama wayar a zuci da hannun dama, babban yatsanka ya nuna inda lantarkin ya dosa. Inda sauran yatsun suka lanƙwasa, nan zoben ya nufa. Yanzu ka jera wayoyi biyu a tsaye, lantarkin duka yana hawa sama. A tsakaninsu, zoben ta hagu da na ta dama suna fuskantar juna ne, sai su rage wa juna ƙarfi. Ta bayansu kuwa haɗuwa suke yi su ƙaru. Kowace waya sai a tura ta daga inda ƙarfin ya yi yawa zuwa inda ya yi rauni, wato tsakiya. In aka juya lantarkin ɗaya, tsakiyar ce ke cika, wayoyin su watse. Kuma ko da ɗaya ta fi ɗayar ɗaukar lantarki sau goma, ƙarfin da kowacce ke ji daidai yake da na 'yar'uwarta.

Lissafin ba shi da tsawo. A kan kowace mita ɗaya ta waya:

```
F/L = 2 × 10⁻⁷ × I₁ × I₂ / d
```

I₁ da I₂ su ne lantarkin wayoyin a amfiya, d tazararsu ce a mita, amsar kuma tana fitowa a niyuton, ma'aunin ƙarfin ja ko turi. Niyuton 10 ya kai kusan nauyin kilo ɗaya.

Ɗauki wayar dutsen guga mai jan amfiya 10, silin biyu na cikinta da tazarar milimita 5. Amsar niyuton 0.004 ce a kowace mita, bai kai nauyin rabin giram ba. Robar da ta lulluɓe su ta ishe shi. Wayoyin mai walda kuwa, a ce amfiya 200 da tazarar santimita 2, suna ba da niyuton 0.4, kamar giram 40, abin da zai iya ɗan motsa waya sakakkiya. Sirrin yana wurin ninkin: lantarki ɗaya ne ke zuwa yana dawowa, don haka in ya ninka sau 10, turin sau 100 yake ninkawa. Saboda haka a tashar rarraba wuta, idan wayoyi suka haɗu amfiya 20,000 ta kwararo ta sandunan tagulla biyu masu tazarar santimita 10, kowace mita za ta ji niyuton 800, kusan kilo 80, ya fi buhun siminti ɗaya da rabi, kuma farat ɗaya. Shi ya sa injiniyoyi ke ɗaure sandunan da matokarai kusa-kusa. Bayan irin wannan hatsari, sandar da aka tarar ta lanƙwashe ko matokarin da ya tsage, sau da yawa aikin wannan turin ne, ba na zafi kaɗai ba.

An raɗa wa ma'aunin sunan Ampère a taron masana lantarki na Paris a 1881. Na wani lokaci da azurfa ake tabbatar da shi: amfiya ɗaya ita ce lantarkin da ke tara giram 0.001118 na azurfa a daƙiƙa daga ruwan sinadarinta. Amma sakamakon ya dogara da tsabtar sinadarin da hannun mai gwajin. A 1948 babban taron awo na duniya ya koma kan wayoyin Ampère: amfiya ɗaya ita ce lantarkin da, in ya bi miƙaƙƙun wayoyi biyu sirara marasa iyaka, da tazarar mita ɗaya a wurin da babu iska, zai haifar da niyuton 2 × 10⁻⁷ a kowace mita. Ka ga ashe lambar da ke cikin lissafin can ba aunota aka yi ba, yanke ta aka yi, amfiya ta bi.

A ganina ma'anar ta yi kyau a takarda fiye da a ɗakin gwaji. Ba mai waya marar iyaka, ƙarfin kuma bai wuce nauyin kashi 2 cikin 100 na miligiram ba. Abin da aka riƙa yi shi ne a naɗe wayoyin su zama gammo don ƙarfin ya taru, a rataye gammo ɗaya a hannun sikeli tsakanin wasu kafaffu, a auna jan da duwatsun awo. Daga nan sai kuskuren ya koma kan girman gammon: ɗan kuren da aka yi wajen auna faɗinsa yakan shiga cikin amsar kai tsaye.

Daga 20 ga Mayu, 2019, an sauya tushen. Yanzu cajin ilektiron ɗaya aka kafe a kan kulom 1.602176634 × 10⁻¹⁹, amfiya ɗaya kuma ta zama wucewar ilektiron kusan 6.24 × 10¹⁸ a daƙiƙa. Girman amfiyar da ke rubuce a jikin fis ɗinka bai canja ba. Abin da ya canja shi ne matsayin lambar 2 × 10⁻⁷: ta tashi daga abin da aka yanke ta koma abin da ake aunawa, kuma awon da aka yi ya nuna ba ta kauce wa tsohon ƙimarta da fiye da kashi ɗaya cikin biliyan ba.